Gazawar buɗe waya da fuska

Buɗe waya da fuska wata fasaha ce da ke ba wayar hannu damar gane mai ita ta hanyar kyamarar gaba, ta buɗe ba tare da an sa lambar sirri ba. Ta fara bayyana a wayoyin Android a shekarar 2011, cikin Android 4.0, sannan kamfanin Apple ya fito da tasa mai suna Face ID a shekarar 2017 tare da iPhone X. Yanayi biyu ne aka fi samun gazawarta a cikinsu: ƙarancin haske da sanya tabarau. Dalilansu ba ɗaya ba ne, haka ma maganinsu. Sake yin rajistar fuska yakan warware matsalar tabarau, amma ba kasafai yake warware ta duhu ba.

Yadda waya take gane fuska

A lokacin rajista, waya takan ɗauki hotunan fuska, ta mayar da su jerin lambobi da ke wakiltar siffar idanu, hanci, kumatu da haɓa da yadda suke zaune da juna. Wannan jerin shi ne samfurin da take adanawa. Duk lokacin da aka ɗaga wayar sai ta ɗauki sabon hoto, ta fitar da sabon jeri, ta auna kusancinsa da samfurin. Ba a taɓa samun dacewa ɗari bisa ɗari, domin fuska ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Don haka akwai wata iyaka da masu ƙera wayar suka sa: idan makin dacewa ya kai ta, waya ta buɗe, idan bai kai ba, ta ƙi. Mai waya ba ya ganin makin, kuma ba shi da ikon sassauta iyakar. Da za a sassauta ta, da ƙanin mutum ko hotonsa ma ya buɗe wayar.

Hanyoyin ɗaukar hoton iri biyu ne. Mafi yawan wayoyin Android, ciki har da galibin na Samsung, Tecno, Infinix da itel, suna amfani ne da kyamarar gaba, wadda ake ɗaukar hoton kai da ita. Irin wannan tana dogara da hasken da ke wurin. Face ID kuma yana zuwa da nasa hasken. Yana amfani da infirared, hasken da idon ɗan'adam ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi. Wata fitila takan haska fuskar, wata na'ura ta watsa mata ɗigogi fiye da 30,000, sannan kyamara ta musamman ta karanta yadda ɗigogin suka kwanta, ta gano tudu da kwarin fuskar.

Ƙarancin haske

Ana auna yawan hasken da ke sauka a kan abu da ma'aunin luks. Hasken rana a waje ya haura luks 10,000, ofis mai wadataccen haske yakan kasance tsakanin 300 zuwa 500, hasken cikakken wata kuwa bai kai luks 1 ba. Ido yana sabawa da wannan bambancin har mutum ba ya lura da girmansa. Kyamarar gaba ba ta da wannan baiwar, domin ƙarama ce ƙwarai, kuma hasken da take iya tarawa kaɗan ne.

Idan haske ya yi ƙaranci, abu biyu kyamara take yi, kuma kowanne da illarsa. Na farko, takan tsawaita lokacin ɗaukar hoto. Hoton da ake ɗauka cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan da rana yana iya bukatar kashi ɗaya bisa goma a ɗaki mai duhu, kuma cikin wannan ɗan lokacin motsin hannu ya isa ya sa hoton ya yi hazo. Na biyu, takan ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar talabijin marar siginal mai kyau. Gefen fatar ido, layin hanci da kusurwar baki, waɗanda manhajar ta dogara da su, su ne suke fara ɓacewa. Wani lokacin ma ba ta kaiwa ga kwatantawa, domin ba ta gano cewa akwai fuska a gabanta ba. Fata mai duhu tana mayar da haske ƙasa da yadda fata mai haske take mayarwa, shi ya sa a ɗaki guda kyamara takan fi saurin rasa bayanan fuskar baƙin mutum.

Inda hasken yake fitowa ma yana da tasiri. Wanda ya juya wa taga ko kwan lantarki baya, kyamara takan daidaita kanta da hasken bayansa, fuskarsa ta fito kamar inuwa duk da cewa ɗakin ba duhu. Fitilar da ke haskowa daga gefe ɗaya kuma takan raba fuska gida biyu.

Wayoyi da yawa suna rage wannan matsalar ta hanyar ƙara hasken allo na ɗan lokaci domin ya haska fuska. A wayoyin Samsung sunan wannan saitin Brighten screen. Yana taimakawa idan wayar na kusa, domin hasken ƙaramar fitila yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan nisa ya ninka.

Face ID bai damu da duhu ba. Idan ya ƙi buɗewa da dare, dalilin yakan kasance wani abu ne daban. Mafi yawa shi ne nisa: an tsara shi ya yi aiki tsakanin santimita 25 zuwa 50 daga fuska, mai kwance kuwa yakan matso da waya dab da hancinsa, musamman idan ya cire tabaransa. Matashin kai ma yakan rufe rabin fuska, ko kuma idanun da barci ya lumshe su kasa nuna cewa ana kallon wayar.

Tabarau

Kewayen idanu na daga cikin sassan da suka fi bambanta mutum da mutum, kuma nan ne tabarau yake zama. Firam mai kauri yakan rufe gira da karan hanci. Gilashin kansa yana sauya girman ido: na marasa ganin nesa yana ƙanƙanta shi, na marasa ganin kusa yana girmama shi, kuma gwargwadon ƙarfin gilashin gwargwadon sauyin. Sai kuma ƙyalli, wato hasken kwan lantarki ko taga da ke dawowa daga gilashin ya rufe ƙwayar ido.

A nan ne matsalolin biyu suke haɗuwa. Allon da ya ƙara haske domin maganin duhu yana fuskantar gilashin kai tsaye, sai a ga farin murabba'i biyu a inda ya kamata a ga idanu. Idan an kunna saitin da ke bukatar ganin idanu a buɗe, wato Require open eyes a Samsung, wannan ƙyallin kaɗai ya isa ya hana buɗewa. Tabarau mai sauya launi a rana shi ma yana da nasa: yakan ɗauki 'yan mintuna kafin ya washe bayan an shiga ɗaki, kuma a wannan tsakanin kyamara baƙin tabarau take gani.

Ga Face ID, abin dubawa shi ne ko gilashin yana barin infirared ya ratsa, ba duhun launinsa ba. Baƙin tabarau da yawa suna barinsa, wasu kuma suna tare shi, kuma ba a iya bambancewa da ido. Idan irin mai tarewa ne, sake rajista ba ya amfani. Ko dai a cire tabaran, ko a kashe Require Attention for Face ID, wanda hakan yana nufin wani zai iya nuna wa mutum wayarsa yana barci ta buɗe.

Gano musabbabi

A ɗauka wata ɗaliba ta yi rajistar fuskarta da rana a wayar Android, kafin likita ya rubuta mata tabarau. Daga baya wayar ta riƙa ƙin buɗewa da dare a ɗakin kwanan ɗalibai. Gwaji huɗu sun isa su nuna inda matsalar take, bayan an goge kyamarar gaba da tattausan ƙyalle, domin maiƙon yatsa da ƙura suna watsa haske. A gwada da rana ba tabarau, da rana da tabarau, da dare ba tabarau, sannan da dare da tabarau, kowanne sau uku ko huɗu.

Idan ta gaza a gwajin farko, samfurin ne ba shi da kyau, ko kuma wani abu ya rufe kyamarar, kamar tsagaggen gilashin kariyar allo. Idan gazawar tana bin tabarau dare da rana, sake rajista zai gyara. Idan tana bin dare ko da tabarau ko babu, haske ne ya gaza, kuma rajista goma ba za ta ƙara wa kyamara haske ba. Idan kuwa gwaji na huɗu ne kaɗai ya gaza, to kowanne daga cikin biyun yana rage maki kaɗan, sai sun haɗu makin yake faɗuwa ƙasa da iyaka. A wannan halin, yin rajista da tabaran yana cire ɗaya daga cikin ragin biyu, kuma sau da yawa hakan ya wadatar. Karkatar da wayar ƙasa kaɗan ma yana kawar da ƙyallin allo daga kan idanu.

Sake yin rajista

Ya fi kyau a yi rajista da rana a cikin ɗaki, ana fuskantar taga, ba a cikin tsakar rana ba. Wasu sukan yi ta a cikin duhu da tunanin wayar za ta saba, amma abin da ake samu shi ne samfuri mai hazo wanda ba ya aiki da kyau a ko'ina. A riƙe wayar daidai tsayin ido, a nisan da aka saba karatu. Hula ko hijabin da ake sawa kullum a bar shi yadda yake, muddin gira da haɓa suna bayyane.

A yawancin wayoyin Samsung ana bi ta nan, bayan an sa PIN ko zanen buɗe waya:

```
Settings > Security and privacy > Biometrics > Face recognition
```

Remove face data yana goge tsohon samfurin domin a yi sabo. Ga mai sa tabarau wani lokaci ya cire wani lokaci, zaɓin da ya fara da Add alternative appearance ya fi dacewa, domin yana ƙara samfuri na biyu ba tare da goge na farko ba. Sunaye da wuraren saituna suna bambanta daga waya zuwa waya, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta Face a akwatin bincike na Settings.

A iPhone kuwa:

```
Settings > Face ID & Passcode > Reset Face ID > Set Up Face ID
```

Ana juya kai a hankali har da'irar da ke kan allo ta cika. Kafin a goge, ya kamata a san cewa Face ID yana koyo da kansa: idan ya kusa gane fuska amma ya ƙi, sannan aka sa lambar sirri nan take, yakan yi amfani da wannan kamannin wajen gyara samfurinsa. Saboda haka sa lambar ya fi cire tabarau a sake gwadawa. Bayan gazawa biyar a jere, wayar ba ta karɓar fuska sai an sa lambar. Tun daga iOS 12 akwai Set Up an Alternate Appearance, sannan iOS 15.4 na shekarar 2022 ya kawo Add Glasses ga masu amfani da Face ID sanye da takunkumi a iPhone 12 da waɗanda suka biyo baya. Ana iya yi wa tabarau har guda huɗu rajista ta wannan hanyar, ban da baƙin tabarau.