Abubuwan da ya kamata ka sani game da buɗe rahoton ɗan kasuwa da abin da ido ya gani

Ɗan jaridar da aka tura kasuwar Tambuwal yana iya dawowa da rubutu iri biyu. Na farko labari ne na yau da kullum: farashin hatsi ya tashi ko ya faɗi, ga wanda ya faɗa, ga dalili. Na biyu rahoto ne na musamman a kan mutum ɗaya, wanda ake bin sana'arsa da rayuwarsa domin mai karatu ya fahimci kasuwar ta hanyarsa. Waɗannan biyun ba a buɗe su da salo ɗaya, kuma a nan ne sababbin marubuta suka fi yin tuntuɓe.

Mene ne buɗewa da fage?

Mabuɗin labari shi ne sakin layi na farko. A labarin yau da kullum, mabuɗin taƙaitawa ne: yana amsa wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, sannan sauran bayanai su biyo baya gwargwadon muhimmancinsu. Amfanin wannan tsari a fili yake. Mai karatu da ke sauri ya sami labarin a layuka uku, edita kuma idan fili ya ƙare sai ya datse daga ƙasa ba tare da ya yi ɓarna ba.

Buɗewa da fage kuwa shi ne a fara da wani ɗan lokaci guda, a wuri guda, inda mutumin da ake rubutu a kansa yake cikin yin wani abu. Ba a fara gaya wa mai karatu abin da rahoton ya ƙunsa ba, ana fara nuna masa ne. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta yi fice da wannan salo tun shekarun 1940: a fara da mutum ɗaya, a faɗaɗa zuwa babban al'amarin da ya shafe shi, sannan a kawo hujjoji.

Fage ya bambanta da siffantawa. Wanda ya rubuta cewa kasuwa ta cika maƙil, rana ta take, ƙura ta tashi, siffanta wuri kawai ya yi, kuma wannan siffar za ta dace da kasuwar Jega ko ta Illela kamar yadda ta dace da ta Tambuwal. Ba a kiran abu fage sai an sami mutum, da abin da yake so, da abin da ya tare masa hanya.

Me ya sa ɗan kasuwa ya fi dacewa da wannan salo?

Dalili na farko shi ne rayuwar ɗan kasuwa ba ta da sabon labari irin wanda taƙaitawa ke buƙata. Mai awon hatsi bai ci zaɓe ba, ba a naɗa shi sarauta ba. Abin da ya yi a kasuwar da ta wuce shi zai yi a mai zuwa. Idan aka taƙaita shi, abin da zai fito shi ne shekarunsa, da yawan iyalinsa, da daɗewarsa a sana'a, kuma babu abin da zai riƙe mai karatu a cikin wannan.

Dalili na biyu shi ne ciniki da kansa ɗan ƙaramin wasan kwaikwayo ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a yi shiru, mai saye ya yi kamar zai wuce, a kira shi, a sallama, sannan a nemi gyara. Halin mutum yana fitowa a cikin waɗannan mintoci fiye da yadda zai fito a hirar awa guda. Duk ɗan kasuwar da aka tambaya zai ce da gaskiya da amana yake sana'arsa. Amma yadda yake cika mudu, ko yana tare hatsin da tafin hannu a gefe domin ya ƙaru, ko yana share kan mudun da sauri, wannan sai wanda ya zauna kusa da shi ya gani.

Yadda ake samo fagen

Ba a samun fage ta waya, kuma ba a samunsa a hira. Sai marubuci ya isa kasuwa da wuri, tun ana sauke buhuna, ya gaisa da mutumin yadda ya kamata, ya bayyana masa ko shi wane ne da inda rubutun zai fito, ya nemi izinin zama a rumfarsa. Idan dattijo ne, Baba ko Alhaji za a kira shi, kuma ya kyautu a fara biyawa ta wurin Sarkin Kasuwa ko shugaban masu sana'ar, domin baƙo mai littafi da alƙalami a kasuwar ƙauye an fi ɗaukarsa ma'aikacin haraji. Da farko mutumin zai riƙa gyara zama yana zaɓar kalmomi. Sai ciniki ya yi zafi zai manta da baƙon, kuma daga nan ne abin rubutawa yake farawa.

Abin da ake rubutawa a littafi shi ne lokaci, da abin da hannu ke yi, da sunayen kaya kamar yadda ake kiransu a wurin, da maganar da aka yi daidai yadda ta fito. Mutumin Tambuwal ko Kebbe zai ce “munka” da “anka” inda Bakano zai ce “muka” da “aka”. Bayanin marubuci yana tafiya da daidaitacciyar Hausa, amma maganar da aka sa cikin alamar zance ba a goge mata harshenta.

A ƙarshen yini littafin zai ƙunshi fagage da yawa, kuma zaɓen shi ne aiki mafi wuya. Ba wanda ya fi ban dariya ko ban tausayi ake ɗauka ba. Ana ɗaukar wanda ya ƙunshi dalilin rahoton a dunƙule. Saboda haka sai marubuci ya fara iya faɗa wa kansa, a jimla ɗaya, abin da rahoton yake a kai, kafin ya san fagen da zai buɗe da shi.

Misali daga ƙarancin takardun kuɗi na 2023

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. An sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma suka yi ƙaranci, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da tsofaffin zuwa ƙarshen shekarar. A ƙaddara an tura marubuci Tambuwal a cikin wannan Fabrairun, ya rubuta rahoto a kan wani mai sayen hatsi daga manoma. Jimlarsa ɗaya ita ce: sana'ar da aka gina a kan kuɗi hannu ta wayi gari babu kuɗin.

Mabuɗin taƙaitawa zai zo kamar haka: Wani mai sana'ar hatsi a kasuwar Tambuwal ya koka kan yadda ƙarancin takardun naira ya durƙusar da kasuwancinsa. Jimlar ba ta da kuskure, amma ta gama labarin tun kafin ya fara. Buɗewa da fage kuwa, idan abin da marubucin ya gani ke nan, zai iya zama haka:

An gama awo, an ɗinke bakin buhu, amma manomin bai ɗauke hannunsa daga kai ba. Tun da asuba ya taso daga wani ƙauye na Kebbe, kuma kuɗin magani yake nema. Alhaji ya ciro waya daga aljihun gaba. “In tura maka ta banki?” Manomin ya girgiza kai, ba shi da asusu. Alhaji ya laluba ɗaya aljihun, ya ƙirga abin da ke ciki sau biyu, sannan ya kira yaronsa ya ce ya leƙa wurin mai POS ko an samu.

A lura da abin da ke cikin waɗannan layuka. Akwai mutum biyu, kowa da buƙatarsa, akwai abin da ya tsaya a tsakaninsu, kuma ba a faɗi kalmar wahala ko sau ɗaya ba. Hannun da ke kan buhu da ƙirgen da aka maimaita sun wadatar. An kuma tsaya kafin a san yadda cinikin ya ƙare, wanda shi ne zai ja mai karatu gaba.

Sakin layin da ke biyan bashi

Wanda ya buɗe da fage ya ci bashin mai karatu, domin ya jinkirta masa bayani. Wurin biya shi ne sakin layi na uku ko na huɗu, wanda za a iya kira ginshiƙin rahoto. A nan ake fita daga fagen a faɗi a sarari wane ne wannan mutum, me ke faruwa, me ya sa ake ba da labarinsa yanzu. A misalin da ya gabata, nan ne wa'adin Babban Banki zai shigo, tare da bayanin cewa manoman da Alhaji ke saye a hannunsu kuɗi a hannu suka sani. Bayan ginshiƙin ne tarihinsa zai biyo, da wanda ya koya masa sana'a, da abin da dillalai da 'yan dako da abokan cinikinsa suke faɗa a kansa.

Akwai gwaji mai sauƙi. A rufe fagen da hannu, a karanta daga ginshiƙin. Idan rahoton bai rasa komai ba, fagen ado ne kawai. Sannan a karanta fagen shi kaɗai ga wanda bai san batun ba, a tambaye shi abin da yake tsammanin zai biyo baya. Idan ya ce labarin rashin lafiya ne, to kuɗin maganin ya rinjayi abin da ake nufi, sai a rage shi.

Inda ake samun matsala

Babban laifi shi ne ƙirƙira. Haɗa abin da ya faru da safe da wanda ya faru da la'asar a mai da su lokaci ɗaya, ko ɗauko maganar wani a sa a bakin wani, ƙarya ce ko da kowane yanki gaskiya ne. Haka nan rubuta abin da mutum yake saƙawa a zuciyarsa, sai fa idan shi ya faɗa. Idan marubuci bai halarci abin ba, ba shi labari aka yi, dole ya nuna wanda ya ba shi.

Sai kuma cutar da wanda aka rubuta a kansa. Fage yana son ƙananan bayanai, amma a yankin da ake fama da matsalar tsaro, bayyana yawan kuɗin da ɗan kasuwa ke ɗauka, da hanyar da yake bi, da lokacin da yake komawa gida, jefa shi cikin haɗari ne. Manomin da ke cikin misalin ma bai zo kasuwa don ya shiga jarida ba, shi ya sa ba a ambaci sunansa ko ƙauyensa ba.

Akwai kuma ranar da salon bai dace ba sam. Idan gobara ta tashi a kasuwa, ko hukuma ta rufe ta, mai karatu so yake ya san abin da ya faru da wanda abin ya shafa tun a jimlar farko. A irin wannan rana da taƙaitawa ake buɗewa, rahoton ɗan kasuwar kuma ya jira mako mai zuwa.