Ranar da Aka Daina Yarda da DigiNotar

A 2011 wani ya kutsa cikin DigiNotar, hukumar ba da shaidar intanet a Holan, ya fitar da shaidar bogi da sunan Google. Burauzoji suka karɓe ta.

Me ya sa? Burauza tana bin sarƙa ne: mabuɗin sirrin wata hukuma ya sa hannu a shaidar shafin, ta samanta ta sa hannu a tata, har zuwa tushen da burauzar ta riga ta amince da shi. A nan sa hannun na gaske ne, mai shaidar ne maƙaryaci.

Ɗalibi ya riƙe hanyoyin sokewa biyu: CRL, jerin lambobin shaidun da aka soke, da OCSP, tambaya kan shaida ɗaya. Amma DigiNotar ba ta san duk abin da aka fitar ba, don haka aka cire tushenta ɗungurungum.