"Me Ya Raba Ka da Wurin Aikinka na Baya?"

Duk wanda aka taɓa kora daga aiki ya san wannan tambaya tana jiransa. Zai shiga ɗakin intabiyu, a gaisa, a duba takardunsa, hira ta fara daɗi, sai wani cikin masu tantancewa ya ɗago kai ya ce, "Malam, mun ga ka yi shekara uku a wancan kamfani. Me ya raba ku?" A nan ne mutane da yawa suke rasa aikin da ya kusa shiga hannunsu. Sau da yawa kuma ba korar ce take kayar da su ba, yadda suka ba da labarinta ne.

Amsoshin da aka fi ji a wurinmu sanannu ne. Wani ya ce, "Rabona ne ya ƙare a wurin." Wani ya ce sharri aka ƙulla masa, ko manaja ne ya sa masa ido. Wani kuma ya rufe ido ya ce da kansa ya ajiye. Amsa ta farko maganar mai tawakkali ce, tana da kyau a zaure idan 'yan'uwa sun zo jaje, amma mai ɗaukar aiki bai ji komai a cikinta ba, sai ya ɗauka akwai abin da ake ɓoye masa. Ta biyu tana sa shi tunanin cewa gobe shi ma haka za a faɗa a kansa. Ta ukun ita ce mafi haɗari, don ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a harkar aiki akwai takardu da mutanen da za su tona shi.

Kafin mutum ya shirya kowace amsa, sai ya ɗauko takardar da aka ba shi ranar da ya bar aiki ya karanta ta a tsanake. Na ga mutane da dama suna cewa "an kore ni" alhali abin da takardarsu ta faɗa daban ne. A tsarin aiki na Najeriya rabuwa iri-iri ce. Akwai rage ma'aikata, inda kamfani ya ce gurbin ne ba ya buƙata. Dokar ƙwadago ma ta tanadi cewa a irin wannan hali wanda ya zo a ƙarshe shi ake fara sallama, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma jimla ɗaya ta ishe shi. Akwai sallama bisa sanarwa, inda ake ba ma'aikaci wa'adi ko kuɗin wa'adin. Ga ma'aikatan da dokar ta shafa, mafi ƙarancin wa'adi mako ɗaya ne idan mutum ya haura wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya kuma ga wanda ya kai shekara 5. Sannan akwai kora saboda laifi, wadda yawanci takardar tuhuma ce take gabatarta, ba ta da wa'adi, kuma tana iya tafiya da wasu haƙƙoƙin mutum. Amsar da za ka bayar dole ta dace da abin da ke rubuce. Kada ka ɗora wa kanka korar da ba a yi maka ba, kada kuma ka mayar da kora ta koma ragin ma'aikata.

Me ya sa sai ta dace? Domin za a bincika. Kamfanoni da yawa suna rubuta wa tsohon wurin aiki ko su buga waya kafin su tabbatar da sabon ma'aikaci, kuma a gari irin Kano ko Kaduna masu sana'a ɗaya sun san juna; manajan wata masana'anta a Sharaɗa yana da lambar takwaransa na Bompai. Asusun fansho ma yana riƙe da tarihin wanda ya zuba maka kuɗi da watan da aka daina zubawa, saboda haka ƙara wa kai watanni a takardar tarihin aiki ba dabara ba ce. A bankuna lamarin ya fi tsauri, don Babban Bankin Najeriya yana ajiye sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba ko rashin gaskiya, kuma ana duba wannan kundin kafin a ɗauki mutum. Ga kuma fom ɗin neman aiki, wanda galibi a ƙasansa kake sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Idan aka gano akasin haka bayan shekara guda, wannan kaɗai ya isa dalilin kora ta biyu, wadda ta fi ta farko wuyar bayani.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani mai kula da sito ne a kamfanin rarraba kayan masarufi. Ƙa'idar wurin ita ce kaya ba sa fita sai da takardar fitarwa mai sa hannun manaja. Wata ranar Juma'a da yamma direban wani dila da aka saba da shi ya zo, manaja ba ya nan, direban ya ce an yi magana ta waya, takarda za ta biyo ranar Litinin. Mai sito ya ji nauyinsa, ya loda masa katan 40. Takarda ba ta zo ba, dila ya ce shi bai aiko kowa ba, masu bincike suka ƙirga kaya suka ga giɓi, aka ba mai sito takardar tuhuma, aka kore shi. Bai ci ko sisi ba, amma ya karya ƙa'ida.

Yanzu ga shi gaban wata manaja a wani kamfani tana tambayarsa. Idan ya biye wa zuciyarsa, zai fara da halin direban, ya koma kan manajan da ba ya zama a ofis, ya kawo sunan wasu da suka yi abin da ya fi nasa ba a taɓa su ba. Duk wannan yana iya zama gaskiya. Amma bayan minti biyar abin da matar za ta riƙe shi ne mutumin nan har yau yana cikin fushi, kuma bai ambaci nasa kason ba. Ga amsar da ta fi:

"Ranki ya daɗe, korata aka yi. Na fitar da katan 40 ba tare da takarda mai sa hannu ba, bisa maganar baki, kayan kuma suka ɓata. Ban amfana da komai a ciki ba, amma ƙa'ida na karya, kuma sitona ne. Tun daga lokacin ba na sakin kaya sai takarda na hannuna, ko wane ne ya zo. A shagon da nake taimakawa yanzu ni na buɗe musu littafin shiga da fita."

Daga nan sai ya yi shiru. Amsar ba ta kai minti ɗaya ba. Ta faɗi abin da ya faru da sunansa, ta nuna inda laifinsa ya tsaya ba tare da ƙari ko ragi ba, ta kuma kawo abin da ya sauya, da hujjar da za a iya zuwa a gani. Wannan kashi na ƙarshe shi ne abin da mai tambaya ke nema tun farko. Ba shari'ar baya take son sakewa ba. So take ta san ko abin zai maimaitu a nata siton. "Na koyi darasi" magana ce da kowa zai iya faɗi. Littafin da ka buɗe, ko kwas ɗin da ka yi, ko wata shida da ka yi a wani wuri ba a samu giɓi ba, su ne suke da nauyi.

Shirun nan kuwa shi ya fi wuya. Masu intabiyu sukan bar ɗaki ya yi tsit da gangan, ko kuma suna rubutu ne kawai. Mai neman aiki sai ya ji kamar amsarsa ba ta gamsar ba, ya ci gaba da zuba, har ya faɗi abin da ya yi niyyar bari a gida. Idan ka gama, ka gama. In suna son ƙari za su tambaya.

Natsuwa ba a ɗakin ake samunta ba, daga gida ake zuwa da ita. Abin da ke sa murya rawa shi ne mutum bai taɓa furta "an kore ni" a gaban wani ba, kunya ta sa ko iyalinsa "na bar wurin" ya ce musu. To kada ɗakin intabiyu ya zama wuri na farko. Rubuta amsar, ka faɗe ta da baki, ka sa wani aminin da ba ya jin nauyinka ya zauna a matsayin mai tambaya, ya matsa maka: "Kana nufin ba ka san ƙa'idar ba?" "Sau nawa ka taɓa yin haka?" Duk inda ka ji ranka ya ɓaci ko ka fara kare kai, nan ne ke buƙatar gyara. A ranar kuma, idan tambayar ta zo, ka ja numfashi ɗaya kafin ka buɗe baki, ka dubi wanda ya tambaya, ka yi magana da irin muryar da ka amsa sauran tambayoyin. Rantsuwa ba ta taimakawa. Yawan "wallahi" yana sa mai sauraro ya fara shakkar abin da da bai yi shakkarsa ba.

To idan zaluntar mutum aka yi fa? Wannan yana faruwa, kuma ban yarda a ce wa mai gaskiya ya ari laifin da bai yi ba don ya nuna tawali'u. Wannan ma ƙarya ce. Abin da zai yi shi ne ya faɗi abin da aka ce ya yi, ya faɗi matsayinsa, ya bar siffanta mutane. Misali: "Yallaɓai, an zarge ni da hannu a ɓatan kuɗi a sashenmu. Na musanta a rubuce, ga kwafin amsar da na bayar, kuma ba a kira ni gaban kwamiti ba kafin a yanke hukunci." Idan maganar tana gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce ke sauraron rikicin aiki a Najeriya, sai ya faɗi haka a taƙaice, ya ce ba zai zurfafa ba tunda tana kotu. Wasu masu ɗaukar aiki za su ja da baya idan sun ji batun kotu, babu amfanin ɓoye wannan. Amma jin sa daga bakinka ya fi jin sa daga bakin tsohon oganka.

Tambayar da takan biyo baya ita ce, "Za mu iya tuntuɓar tsohon wurin aikinka?" Kada ta same ka ba shiri. Tun kafin ranar, ka je ko ka kira ofishin kula da ma'aikata na tsohon kamfanin, cikin ladabi, ka tambayi abin da suke faɗa idan an neme su. Wasu kwanan fara aiki da na bari da muƙami kawai suke bayarwa, wasu kuwa har da dalili. Sannan ka nemi mutum ɗaya a can da ya san aikinka, ko shugaban sashe ko wanda kuka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, ka roƙi izininsa kafin ka ba da sunansa. Mai siton nan zai iya cewa, "Ƙwarai, ranki ya daɗe. Za su gaya miki abin da na gaya miki. Akwai kuma akantan da muka yi shekara uku muna ƙirga kaya tare duk ƙarshen wata, ya yarda a kira shi."