Daga caji ofis zuwa Kotun Ƙoli: yadda ake shari'ar laifi a Nijeriya

Mu ɗauka an sace babur a bakin kasuwa, bayan kwana shida mai shi ya gan shi a garejin wani makanike, an cire lamba. Ya kai ƙara caji ofis, 'yan sanda suka kama makaniken. A idon 'yan unguwa magana ta ƙare, an kama ɓarawo da kaya a hannu. A idon doka kuwa ba a ma fara ba, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar a gaban kotu.

A caji ofis za a ɗauki bayaninsa a rubuce, kuma a nan mutane da yawa ke yanka wa kansu igiyar da za ta ɗaure su. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. In an rubuta bayanin da Turanci alhali ba ya ji, to kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa da harshen da yake fahimta, don wannan takarda za ta bi shi har gaban alƙali. Sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kowa ya san ana yawan take wannan doka, amma doka ce, kuma lauya na iya tsayawa a kanta.

Ranar farko a kotun majistare, ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai miƙa rahotonsa, a karanta wa makaniken abin da ake zarginsa da shi. In yana buƙatar tafinta, kotu ce za ta samar masa kyauta. Sai a tambaye shi: ka aikata ko ba ka aikata ba? Wannan tambaya tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Wasu kan amsa laifi don an ce musu hakan zai sa a sallame su da wuri. Wanda ya amsa ya sauke wa mai ƙara nauyin kawo shaidu, kuma alƙali na iya yanke hukunci nan take. Laifin da hukuncinsa kisa ne kawai ba a karɓar amsar. Ko mutum ya ce ya yi, kotu za ta rubuta cewa ya musanta, a yi shari'a cikakkiya.

Makanikenmu ya musanta. Aka ba da belinsa, wani ya tsaya masa, aka ɗage zama. Beli ba sallama ba ce, alƙawari ne cewa zai riƙa zuwa, in ya gudu kuma wanda ya tsaya masa ne zai biya kuɗin da aka gindaya. Da a ce an ƙwace babur ɗin da bindiga ne, da labari ya sha bamban: fashi da makami ya fi ƙarfin majistare, sai dai a tsare mutum a gidan gyaran hali ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a kafin a kai shi Babbar Kotu. A wannan jiran ne mutane ke shafe watanni, wasu shekaru, ba tare da an saurari shaida ko ɗaya a kansu ba. Babu inda tsarin ya fi ciwo kamar nan.

Mai ƙara ne ke fara kawo shaidu. Mai babur zai rantse, ya faɗi inda ya ajiye shi da lokacin da ya ɓace, ya nuna rasit mai ɗauke da lambar inji. Ɗan sandan da ya yi bincike zai faɗi inda ya samo babur ɗin. Kowane shaida in ya gama, ɓangaren wanda ake tuhuma zai yi masa tambayoyi. Ka ga wanda ya ɗauka da idonka? Kun bincika mutumin da ya ce shi ya kawo masa gyara? Abin da shaida ya faɗa aka yi shiru ba a ƙure shi a kai ba, kotu na iya ɗauka an yarda da shi. Wanda ba shi da lauya yakan ɓata wannan dama wajen rantse-rantse da ba da nasa labarin, alhali lokacin tambaya ne. Marar hali na iya neman lauya kyauta a hukumar ba da tallafin shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

In mai ƙara ya fito da takardar da ke cewa makaniken ya amsa laifi a caji ofis, shi kuma ya san duka ne ya sa ya dangwala, to a daidai wannan lokaci ne zai faɗa, kafin kotu ta karɓi takardar. Kotu za ta binciki yadda aka samo bayanin, kuma dokar shaida ta 2011 ta ɗora wa mai ƙara nauyin nuna cewa ba tilasta shi aka yi ba.

Babu wanda ya ga makaniken yana satar babur, amma wannan bai wanke shi ba. Dokar shaida ta ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan ɓacewarsu, ko dai shi ne ɓarawon, ko ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. Saboda haka idan aka zo kariya, yaron shagonsa da maƙwabcinsa mai faci, waɗanda suka ga lokacin da wani ya turo babur ɗin don gyara, su ne ginshiƙinsa. Ba a nemi ya tabbatar da cewa shi mai gaskiya ne ba. Ya isa bayaninsa ya jefa shakka mai ma'ana a zuciyar alƙali, domin in akwai irin wannan shakka, wanda ake tuhuma ne ke cin moriyarta.

Bayan jawabin ƙarshe na ɓangarorin biyu, alƙali zai rubuta hukunci da dalilansa, ya karanta a fili. In ya wanke shi kuma ya sallame shi, ba za a sake gurfanar da shi kan wannan laifi ba. In kuwa korar ƙarar aka yi kawai don shaidu sun ƙi zuwa, ana iya dawo da ita. In an same shi da laifi, za a ba shi damar neman sassauci, ya ambaci iyalinsa ko cewa wannan ne karo na farko, kafin a yanke ɗauri ko tara.

Daga majistare ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, galibi cikin kwana 30. Daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne a shari'ar laifi, zuwa Kotun Ƙoli kuma kwana 30. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne kotun sama ba ta sake kiran shaidu, sai a yanayi na musamman. Kundin da kotun ƙasa ta rubuta take karantawa, ta duba ko an yi kuskure a doka ko wajen auna shaida. Da makaniken bai kira yaron shagonsa a gaban majistare ba, da wuya a saurari yaron a sama. Kotun na iya tabbatar da hukuncin, ko ta rage shi, ko ta soke, ko ta ce wani alƙali ya sake shari'ar daga farko.

Shigar da ƙarar ba ya buɗe ƙofar gidan yari. Mai ɗauri zai ci gaba da zama sai in an ba shi beli, wanda samunsa a wannan mataki yana da wuya. Hukuncin kisa ne dole a dakatar. A 1981 gwamnatin jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello, wanda aka samu da laifin fashi, alhali ƙararsa tana gaban kotun sama. Iyalinsa suka kai ƙara, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kisan ya saɓa wa doka, ta ce a biya su diyya.