Ta Ina Zafi Ke Shigowa Bayan An Sa Audugar Rufi?

A watan Afrilu, a Kano ko Maraɗi, kwanon rufi na iya kai digiri 70 da tsakar rana. Shi ya sa masu hali kan sa a cusa audugar gilashi a ƙarƙashinsa don ta tare zafi. Sai dai ɗakin ba ya yin sanyin da aka yi musu alkawari, domin ba auduga kaɗai ke rufin ba. Akwai katako, akwai ƙarfe, akwai sukurori, kuma zafi na bi ta cikinsu ya kewaye audugar. Injiniyoyi na kiran wannan gadar zafi.

A ɗauki rafta mai faɗin santimita 5, an jera ta kowane santimita 60, an cika tsakani da auduga. Katakon ya ci kashi 8 cikin ɗari na faɗin rufin ke nan, abin da ba a bakin komai yake ba a ido. Amma katako ya ninka auduga kusan sau uku wajen wuce da zafi. In aka buga lissafi, zafin da ke ratsa wannan shimfiɗa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin shida a kan abin da aka rubuta a jikin kunshin audugar.

Na katako mai sauƙi ne. Ƙarfe ya ninka auduga fiye da sau dubu. A sito ko masana'anta, akan shimfiɗa audugar a kan ƙarafan da aka gitta, a ɗora kwano, a ɗaure da sukuru. Daidai kan ƙarfen, auduga mai kaurin santimita 10 takan matse ta koma kamar tabarma, alhali iskar da ke cikinta ita ce ke aikin tare zafin. Sannan kowane sukuru ya haɗe kwano mai zafi da ƙarfen da ke cikin ɗaki kai tsaye, ga shi kuma ɗaruruwa ake ɗaurawa.

Gane matsalar ba wuya. Da la'asar, a shafa silin da tafin hannu: za a ji layuka masu ɗumi a jere, tazararsu daidai da ta katakon. A ɗakin ajiya mai sanyi kuwa, raɓa da tsatsa ne ke fitowa a kan sukurorin.

Ƙara kaurin auduga a tsakanin rafta, a ganina, asarar kuɗi ce in ba a toshe gadar ba. Gara a kawo shimfiɗa ta biyu, ko da siririya ce, a gitta ta ƙarƙashin raftocin ba yankewa. A rufin ƙarfe kuma a sa ɗan dungun soso mai tauri tsakanin kwano da ƙarfen da aka gitta. Wannan magana ce da za a yi da kafinta ko mai walda kafin kwano ya hau, don gyaranta daga baya sai an kwance rufin.