Daɓe da Rufi a Jadawalin Farashi

Jadawalin farashi zane ne da ke nuna hawa da saukar kuɗin wata haja a kan lokaci, ko zinare ne, ko hannun jari, ko canjin kuɗaɗen ƙasashe. Wanda ya daɗe yana kallonsa zai lura cewa akwai wuraren da farashi ke yawan cijewa. Idan yana gangarowa, yakan isa wani mataki sai masu saye su yi yawa, faɗuwar ta tsaya, ya juya sama. Wannan shi ne daɓe, wanda 'yan kasuwar ke kira sapot. Idan kuma yana hawa, yakan isa inda masu sayarwa ke rinjayar masu saye, sai ya sarara ya komo. Wannan shi ne rufi, ko razistans a bakinsu.

Zinare ya ba da misali mai kyau. Ana sayar da shi a kasuwar duniya da dalar Amurka a kan oza, wato kimanin giram 31. A watan Agusta na 2020, lokacin annobar korona, oza ta kai wajen dala 2,075, sannan ta sauko. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Ukraine, farashin ya sake hawa zuwa kusan dala 2,070, ya sake komowa, har ya gangaro kusa da 1,620 kafin ƙarshen shekarar. A watan Mayu na 2023, yayin da wasu bankunan Amurka ke durƙushewa, ya koma wurin a karo na uku, nan ma ya gaza. Dalilan hawan uku ne daban-daban, amma duk a wuri guda suka ƙare. Abin lura shi ne lambobin ba su zo daidai da juna ba. Akwai tazarar daloli kaɗan tsakaninsu. Shi ya sa masu ƙwarewa ke shata rufi ko daɓe da ɗan faɗi, kamar ɗamara, maimakon siririn layi.

Layin da aka ja a kan allo ba shi da ikon tare komai. Abin da ke tare farashi shi ne odar saye da sayarwa da mutane suka jibge a wurin, kuma mutanen nan iri-iri ne. Akwai wanda ya sayi zinare a kan 2,060 a 2020, ya zuba ido yana ganin kuɗinsa na zagwanyewa wata da watanni. Ranar da farashin ya dawo inda ya saya, babban burinsa ya fita da uwar kuɗinsa, sai ya sayar. Akwai wanda ya saya da araha, a kan 1,700, wanda ya tuna cewa a nan farashi ya juya a baya, don haka a nan zai kwashe ribarsa. Akwai kuma wanda ba shi da zinaren ma, amma ya shiga cinikin da zai ci riba idan farashi ya faɗi. Dukansu sayarwa suke yi a wuri ɗaya. A daɓe kuwa akasin haka ke faruwa: wanda damar farko ta wuce shi yana cizon yatsa, yana jiran farashi ya dawo ya saya.

Da yake dubban mutane jadawali ɗaya suke kallo, tsammaninsu da kansa yana taimakawa wajen tabbatar da abin da suke tsammani. Masaniyar tattalin arziki Carol Osler, wadda ta yi aiki a reshen New York na babban bankin Amurka, ta binciki odar da abokan cinikin wani banki suka bayar a kasuwar canji. Ta gano cewa odar kwashe riba tana taruwa daidai kan cikakkun lambobi, masu ƙarewa da sifiri, ita kuma odar tsayar da asara tana taruwa ɗan gaba da su kaɗan. Waɗannan su ne `Take Profit` da `Stop Loss` a manhajojin ciniki. Binciken ya bayyana abu biyu a lokaci guda: dalilin da farashi ke juyawa a kan lamba irin 2,000, da dalilin da yake zabura da zarar ya ƙetare ta. Wanda ya yi cinikin faɗuwa a ƙarƙashin rufi yakan aje odar tsayar da asara a samansa, kuma odar nan ta saye ce. Idan farashi ya taɓa ta, sayen dole ya tura shi gaba, ya taɓo ta wani, haka har tarin ya ƙare.

A nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Da sanyin safiyar Litinin 4 ga Disamba, 2023, lokacin da kasuwannin Asiya kaɗai ke buɗe kuma ciniki bai yi kauri ba, zinare ya fasa rufin, ya haura dala 2,130. Duk wanda ya ga haka ya ruga ya saya, kafin rufe kasuwa a ranar ya tarar da farashin a wajen 2,030. Fashewar ƙarya ke nan. Alamarta a jadawalin kyandir ita ce dogon lagwani a sama, jikin kyandir kuwa ya rufe a ƙarƙashin rufin. Saboda irin wannan ne masu haƙuri ba sa yarda da leƙawa kawai. Sai sun ga farashi ya rufe yini, wasu ma mako, a bayan matakin, kuma da ciniki mai yawa. Sai a farkon Maris na 2024 zinare ya wuce 2,100 ya zauna, a watan Afrilu ya taɓa 2,400.

Amfanin waɗannan matakai na haƙiƙa yana wajen lissafin asara. A ɗauka ɗan kasuwa ya ga farashi yana cijewa a kan 2,000, ya saya a kan 2,005, ya aje odar tsayar da asara a 1,975, yana hangen 2,070. Idan hasashensa ya ci tura, dala 30 ya rasa a kowace oza. Idan ya yi daidai, ya sami 65. Da wannan ma'auni, ko sau huɗu kawai ya dace a cikin goma, ribar dala 260 ta fi asarar 180, kafin a cire ladan dillali. Inda ya aje odar ma yana da muhimmanci. A tsakiyar Fabrairun 2024 farashin ya ɗan leƙa ƙasa da 2,000 na gajeren lokaci sannan ya komo, don haka wanda ya manna odarsa a 1,998 an fitar da shi makonni kaɗan kafin hawan ya fara.

Ana yawan cewa rufin da aka fasa yakan zama daɓe, domin waɗanda suka sayar a wurin suna nadama, suna jiran a dawo su saya. Hakan na faruwa sau da yawa, amma ba doka ba ce. Waɗanda suka jira zinare ya komo 2,070 bayan Maris na 2024 sun yi ta jira har shekarar ta ƙare bai komo ba. Akwai kuma rauni a hanyar kanta: idan mutum yana duban abin da ya riga ya wuce, idonsa kan tsinto wuraren da layi ya yi aiki ya tsallake inda bai yi ba, kuma 'yan kasuwa biyu kan ja layi daban a jadawali ɗaya. Matakin da ya fito a jadawalin mako-mako, wanda kowa ke gani, ya fi na jadawalin minti biyar nauyi nesa ba kusa ba. Ko shi ma ba ya tsayawa a gaban buƙata mai ɗorewa. Manyan bankunan ƙasashe sun sayi fiye da tan 1,000 na zinare a 2022, suka maimaita a 2023, kuma irin wannan saye a hankali yake cinye odar masu jiran sayarwa a rufi har ta ƙare.