Rigar da Na Saya: Dokar Faransanci Mai Kayar da Ɗalibai a Shifta

A makarantun Maraɗi da Damagaram, da na Garwa da Injamena, akwai kuskuren da jan alƙalamin malamin Faransanci ya fi saba wa zagayewa idan an yi shifta, wadda ɗalibai ke kira dikte. Ɗalibi zai rubuta jimla tsaf, amma ya rasa maki saboda harafi ɗaya ko biyu da ya bari a ƙarshen aikatau. Galibi kunne ba ya jin waɗannan haruffa, sai wanda ya san dokarsu ne zai saka su.

Idan Bafaranshe zai faɗi abin da ya riga ya faru, yakan haɗa kalmomi biyu. Ta farko mataimakiya ce, yawanci daga aikatau avoir. Ta biyu ita ce sigar aikatau da ke nuna an gama aikin, wadda littattafan makaranta ke kira participe passé. A j'ai acheté, wato na saya, ai ne mataimaki, acheté kuma sigar gamawa. Wannan siga tana iya ɗaukar jinsi da adadi kamar sifa: a ƙara e idan mace ce, s idan jam'in maza ne, es idan jam'in mata ne. To yaushe take ɗauka, kuma daga wa?

Ba daga mai aikin take ɗauka ba. Ko mata goma ne suka ci abinci, elles ont mangé za a rubuta, ba ƙari. Abin da ake dubawa shi ne karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye, wanda malamai ke taƙaitawa da COD. Idan karɓau ya zo bayan aikatau, siga ba ta motsi. Idan ya riga aikatau zuwa, sai ta ɗauki jinsinsa da adadinsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. Muna cewa na sayi riga, na saye ta, rigar da na saya. Aikatau ɗaya ne, amma wutsiyarsa ta sauya sau uku gwargwadon inda rigar take da yadda aka ambace ta. Faransanci ma matsayin rigar yake kallo, sai dai shi jinsi da adadi yake nunawa:

J'ai acheté une robe.
Je l'ai achetée.
La robe que j'ai achetée.

A jimlar farko rigar ta zo a baya, don haka acheté ya tsaya yadda yake. A ta biyu, l' na wakiltar rigar kuma ya riga aikatau, sai aka ƙara e domin robe mace ce tilo. A ta uku, que ne ya tsaya a madadin rigar, shi ma a gaba, sai aka sake ƙara e.

Ƙofofi uku ne karɓau ke bi ya shiga gaba. Ta farko ita ce wakilan suna irin su le, la, les, me, te, nous, vous. Shi ya sa mace za ta rubuta il m'a vue idan ita aka gani, namiji kuma il m'a vu. Ta biyu ita ce que, kamar a misalin rigar. Ta uku ita ce tambaya: quelles mangues as-tu achetées, waɗanne mangwarori ka saya. Tambayar ta janyo mangwaron zuwa farkon jimla, kuma mangues jam'in mata ne, sai aka sa es.

Bari mu warware jimla mai ɗan tsawo: wasiƙun da Musa ya rubuta wa ƙannensa mata, ya aika musu da su jiya. Mu fara da rabin farko. Aikatau shi ne a écrit. Sai mu tambaya, Musa ya rubuta me? Wasiƙu, wato les lettres, kuma que na wakiltarsu kafin aikatau. Kalmar jam'in mata ce, don haka écrites. Ƙannen fa? Su aka rubuta wa, ba su aka rubuta ba, kuma à da ke gabansu ya nuna haka, saboda haka ba ruwansu da wutsiyar aikatau. A rabi na biyu wakilan suna biyu ne suka jeru, les da leur. Ya aika me? Les, wato wasiƙun. Ya aika wa wa? Leur, wato ƙannen. Na farko kaɗai ake bi:

Les lettres que Moussa a écrites à ses sœurs, il les leur a envoyées hier.

Nan ne yawancin ɗalibai ke zamewa. Sukan ga wakilin suna a gaban aikatau su ƙara harafi ba tare da tambaya ba. Amma lui da leur ba sa taɓa zama karɓau na kai tsaye, shi ya sa je leur ai parlé ba ya ɗaukar komai. Me, te, nous da vous sun fi haɗari, domin suna aiki biyu. Il nous a vus ya ɗauki s, saboda mu aka gani. Il nous a téléphoné bai ɗauka ba, saboda a Faransanci ana buga wa mutum waya ne, da à. Hausa na taimakawa a nan, tunda muna bambanta ya gan mu da ya buga mana, amma a yi hattara, ba kowane aikatau ne harsunan biyu suka yi daidai a kansa ba. Ƙamus ne ke raba gardama.

Akwai dabarar gwaji da kunne. A acheté da achetée furuci ɗaya ne, amma a sigogin da suka ƙare da baƙi ana jin bambancin: pris da prise, écrit da écrite, fait da faite. Idan ka yi shakka, ka sa prendre a madadin aikatau naka. Wanda kunnensa ya saba da harshen zai ji cewa la robe que j'ai prise ita ce daidai, daga nan ya san nasa aikatau ma na buƙatar e.

Wurare biyu sun cancanci a haddace su, domin ba a ƙara komai ko da abin ya zo a gaba. Na farko shi ne en: des mangues, j'en ai mangé. Na biyu shi ne fait idan wani aikatau ya biyo shi: la robe que j'ai fait coudre, rigar da na sa aka ɗinka. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1990 ya ba da shawarar a yi wa laissé haka idan aikatau ya biyo shi.

Ana danganta kafuwar dokar ga mawaƙin fada Clément Marot, wanda a 1538 ya tsara ta cikin baitoci yana koyi da Italiyanci. Su kansu masu harshen tana ba su wuya. A 2018 malamai biyu 'yan Beljiyam, Arnaud Hoedt da Jérôme Piron, sun yi kira a jaridar Libération da a daina sauya sigar gaba ɗaya idan mataimakin avoir ne. An yi ta muhawara, amma littattafan makaranta ba su sauya ba, kuma mai gyaran takardar BEPC da tsohuwar doka yake aiki. Don haka duk inda ɗalibi ya ga avoir da sigar gamawa, ya dakata ya tambaya: an yi me, ko an ga wa? Idan amsar tana hagu da aikatau, an riga an rubuta ta, sai ya duba jinsinta da adadinta ya ƙara harafi. Idan tana dama, ko babu ita sam, ya bar kalmar yadda take.